Kogin Nilu a Aswan, 1871 zuwa 1970: yadda matatar Kalman ke bin sawun matsayin da ba a gani

Akwai wani jerin alƙaluma da masana lissafin ƙididdiga suka daɗe suna gwada dabarunsu a kansa: yawan ruwan da ya ratsa ta Aswan, wani gari a ƙasar Masar, a Kogin Nilu kowace shekara, daga 1871 zuwa 1970. Lambobi 100 ne cif, kowace ɗaya a ma'aunin mita kubik miliyan 100. Ta farko 1120 ce, wato mita kubik biliyan 112. Ga goman farko: 1120, 1160, 963, 1210, 1160, 1160, 813, 1230, 1370, 1140. Daga 813 zuwa 1370 a cikin shekara biyu kacal.

Wanda ke tsara rabon ruwa ba lambar bana kaɗai yake son sani ba, don bana ta riga ta wuce. Tambayarsa ita ce: a wane matsayi kogin yake yanzu, wanda shekarun da ke tafe za su yi ta kai-komo a kewayensa? Matsakaicin shekara 100 ɗin, kusan 919, ba ya amsa wannan tambaya, domin ya ɗauka cewa kogin bai taɓa sauyawa ba. Lambar bara ma ba ta amsa ta, domin ta ɗauka cewa duk abin da aka gani a shekara guda sauyi ne na dindindin. Matatar Kalman, dabarar lissafi mai gyara ƙiyasinta duk lokacin da sabon awo ya zo, tana tsakanin waɗannan biyun, kuma ba da ka take zaɓar inda za ta tsaya ba.

Abin da aka ɗauka game da kogin

Tsarin ɓoyayyen hali yana farawa da raba abu biyu da aka saba cakuɗawa. Akwai halin da abin yake ciki, wanda ba wanda ke ganinsa, akwai kuma awon da muke gani. A nan halin lamba ɗaya ce kawai, matsayin kogin, kuma layi biyu sun isa a rubuta komai:

```
y[t] = m[t] + e[t]        e ~ N(0, R)
m[t] = m[t-1] + w[t]      w ~ N(0, Q)
```

Layin farko yana cewa abin da aka auna a shekara, `y`, matsayin kogin ne, `m`, haɗe da hargitsin wannan shekarar, `e`. Hargitsin nan ba kuskuren ma'auni ba ne kaɗai. Ya haɗa da daminar da ta yi kyau ko ta gaza a tsaunukan Habasha, duk abin da ya zo ya tafi bai bar gurbi ba. Layi na biyu yana cewa shi kansa matsayin yana ɗan gusawa kowace shekara da `w`, kuma wannan gusawar ba ta komawa, a kanta shekara mai zuwa za ta ɗora.

`R` da `Q` su ne girman warwatsuwar kowane ɗaya, wato matsakaicin murabba'in kaucewarsa. Idan aka ƙiyasta su daga alƙaluman Nilu, ana samun `R` kusan 15099, `Q` kusan 1469. Sai an ɗauki tushen murabba'insu suke yin ma'ana a ido: hargitsin shekara yana kai kusan 123, gusawar matsayi kusan 38. Abin da ke wucewa ya ninka abin da ke zama sau uku da ɗoriya. Wannan shi ne ake nufi idan an ce abu yana sauyawa a hankali a cikin hargitsi.

Ta yaya alƙaluman da ba su nuna `m` ba za su iya bambance `R` da `Q`? Ta hanyar halayyarsu a shekara mai biyowa. Idan hargitsi ne ya ɗaga lambar bana, to baɗi za ta sauko, don haka hawa zai riƙa biyo da sauka. Idan matsayi ne ya gusa, baɗi za ta zauna a can. Yawan yadda hawa ke biyo da sauka a tsawon jerin shi ne ke nuna wanne ya fi rinjaye.

Shekara uku na farko, da hannu

Matatar tana riƙe da lamba biyu a kowane lokaci: ƙiyasinta na matsayi, da `P`, girman shakkarta a kan wannan ƙiyasi. Kowace shekara takan yi abu biyu, hasashe sannan gyara. Ga aikin duka:

```python
def tace(y, R, Q):
    m, P = y[0], R
    sakamako = [m]
    for awo in y[1:]:
        P = P + Q            # hasashe
        v = awo - m          # giɓi
        F = P + R
        K = P / F            # kason gyara
        m = m + K * v        # gyara
        P = (1 - K) * P
        sakamako.append(m)
    return sakamako
```

A 1871 ba mu san komai ba sai awo ɗaya, don haka ƙiyasin shi ne 1120, shakkar kuma daidai da hargitsin awo, 15099.

Kafin a ga lambar 1872, hasashe mafi dacewa shi ne matsayin yana nan a 1120. Amma shekara ta shuɗe, kogin na iya gusawa, sai a ƙara 1469 a kan shakkar ta zama 16568. Sai awo ya zo: 1160. Giɓin da ke tsakanin hasashe da awo 40 ne. Nawa daga cikin 40 ɗin nan za a yarda sauyi ne na gaske? Amsar ita ce kason shakkarmu a cikin jimillar shakkar duka, 16568 a raba da 31667, wato 0.52. Sabon ƙiyasi 1141 ke nan, shakkar kuma ta sauko zuwa kusan 7900.

A 1873 an auna 963, giɓin ya zama 178 ƙasa da hasashe. Yanzu matatar ta ga shekara biyu, ta fi amincewa da kanta, don haka kason ya sauko zuwa 0.38, ƙiyasin ya koma 1073. A 1874 kason 0.32 ne, a 1875 kuma 0.30. Kafin shekara goma ta cika ya kusa tsayawa a 0.267, kuma a nan zai zauna har ƙarshen jerin.

Abin lura a nan, wanda mutane da yawa kan wuce ba su gani ba: lissafin `P` da `K` bai taɓa duba awo ba. Daga `R` da `Q` kaɗai suke fitowa. Ko kogin ya ƙafe ƙurmus, matatar za ta ci gaba da cewa shakkarta 4032 ce, wato kusan 63 sama ko ƙasa. Wannan lamba ba shaida ba ce cewa ƙiyasin yana daidai. Alƙawari ne mai sharaɗi: in har tsarin da aka ɗauka gaskiya ne, ga iyakar kuskuren.

Tsayawar kason tana da dalili mai sauƙi. Kowace shekara lokaci yana ƙara 1469 a kan shakka, awo kuma yana rage ta. Daga 4032 ta hau 5501, awo ya cire kashi 26.7 cikin 100, ta dawo 4032. Daga nan matatar ta zama abu mai sauƙin faɗa: sabon ƙiyasi shi ne kashi 73 cikin 100 na tsohon ƙiyasi da kashi 27 na awon bana. Awon bara yana da nauyin 0.196, na bara waccan 0.143, haka suke ta raguwa. Wannan hanyar matsakaici mai raguwar nauyi ta girmi takardar Rudolf Kalman ta 1960, kuma a wannan shekarar ce John Muth ya nuna cewa ita ce mafi kyawun hasashe ga irin wannan tsari. Abin da tsarin ɓoyayyen hali ya ƙara shi ne dalilin zaɓen 0.267 maimakon 0.1 ko 0.5, da ma'aunin shakka, da hanyar gane lokacin da abin ya lalace.

1877, 1899 da 1913

Idan tsarin yana daidai, giɓin kowace shekara ya kamata ya warwatsu a kewayen sifili da faɗin tushen murabba'in `F`. A nan `F`, wato jimillar shakkar hasashe da hargitsin awo, ta tsaya a 20600, tushenta kusan 144. Giɓin da ya wuce ninki biyu na wannan, wato 287, abu ne da ake tsammani kusan sau ɗaya a shekara 20. Shekaru uku daga cikin waɗanda suka wuce wannan iyaka ta ƙasa sun cancanci a tsaya a kansu, domin a ranar da aka gan su kamarsu ɗaya, amma labarinsu ya bambanta.

A 1877 an auna 813 alhali ana hasashen 1138. Giɓi na 325. Matatar ta sauke ƙiyasinta zuwa 1049. Sai 1878 ta kawo 1230, 1879 ta kawo 1370, ƙiyasin ya koma 1171. Shekarar fari ce guda, ta wuce. Da matatar ta bi awon gaba ɗaya, da ta yi babban kuskure, ƙin yardarta ne ya cece ta.

Ga abin da ya faru shekara 22 bayan haka:

| Shekara | Awo | Hasashe | Giɓi | Sabon ƙiyasi |
|---|---|---|---|---|
| 1898 | 1100 | 1145 | −45 | 1133 |
| 1899 | 774 | 1133 | −359 | 1037 |
| 1900 | 840 | 1037 | −197 | 985 |
| 1901 | 874 | 985 | −111 | 955 |
| 1902 | 694 | 955 | −261 | 885 |
| 1903 | 940 | 885 | +55 | 900 |

A 1899 giɓin 359 ne, ninki biyu da rabi na faɗin da aka saba. Bai fi na 1877 da wani abin kirki ba, kuma matatar ta yi masa abin da ta yi wa wancan, ta karɓi kashi 27 ta bar saura. Sai dai wannan karon kogin bai dawo ba. Matsakaicin 1871 zuwa 1898 kusan 1098 ne, na 1899 zuwa 1970 kuma kusan 850. Matsayin ya faɗi da kusan 250 a lokaci guda, matatar kuma tana biye da shi a baya. A ƙarshen 1899 tana cewa 1037 da shakkar 63, alhali gaskiyar tana kusa da 850, nisan da ya kusa ninka shakkar sau uku. Shekara huɗu a jere duk wanda ya dogara da ita ya yi tsammanin ruwan da bai zo ba.

Jinkirin nan ana iya lissafa shi tun kafin ya faru. Kowace shekara matatar na rufe kashi 27 na tazarar da ta rage, don haka saura 73 bayan shekara ɗaya, 54 bayan biyu, 29 bayan huɗu. Rabin tazarar kan rufu a shekara biyu da 'yan watanni. Ba lahani ba ne a lissafin. Mun gaya mata matsayi na gusawa da kusan 38 a shekara, faɗuwar 250 kuwa ta ninka haka fiye da sau shida, don haka a wurinta abu ne da kusan ba ya yiwuwa.

Sai 1913, shekarar da ta fi kowace ƙarancin ruwa a jerin: 456, ana hasashen 856. Giɓin 400, mafi girma a ukun. Ƙiyasin ya sauka zuwa 749. A 1914 an auna 824, a 1915 702, sannan 1120 da 1100 suka biyo baya, ƙiyasin ya haura 900. A nan kuskuren ya juya: shekara ɗaya mai tsanani ta ja ƙiyasin ƙasa da 107, ya kuma zauna a ƙasan shekara uku.

Babu wata dabara da za ta bambance 1899 da 1877 a cikin shekarar kanta, in dai waɗannan lambobi ne kaɗai a hannu. Bambancin yana fitowa ne a giɓin shekarun da suka biyo. Bayan 1877 giɓin ya juya sama, 181 da 272. Bayan 1899 ya ci gaba da zama ƙasa. Idan aka tara giɓin 1899 zuwa 1902 ana samun 928 ƙasa da sifili, alhali jimillar giɓi huɗu masu zaman kansu faɗinta 287 ne. Ninki uku da ɗoriya ke nan, kuma wannan ya fi ƙarfin a kira shi sa'a.

Amma a yi hattara da ƙirga alamomi kawai. Daga 1890 zuwa 1896 giɓin ya kasance sama shekara bakwai a jere, jimillarsu kusan 758, wanda ninki biyu ne kawai na abin da ake tsammani. Mai sauri zai ce kogin ya hau sabon matsayi, kuma matatar kanta ta hau har 1187 a 1896. Wannan hawan ne ma ya sa faɗuwar 1899 ta same ta a sama sosai. Girman jimillar ake dubawa tare da tsawon jerin, kuma wanda ya leƙa shekara 100 yana neman jeri mai ban mamaki zai samu ko babu komai.

Me zai hana a ƙara mata sauri?

Wannan ne abin da kowa ke fara tunani, kuma ya kamata a gwada shi da lambobi. Kason da matatar ke tsayawa a kai ya dogara ne da abu ɗaya, `Q` a raba da `R`, wanda a nan yake 0.097. A ninka `Q` sau goma, kason ya zama kusan 0.61. Irin wannan matata za ta kama faɗuwar 1899 a shekara biyu. Amma a 1913 za ta tafi kusan kashi biyu cikin uku na hanyar zuwa 456, a 1916 ta yi tsalle ta bi 1120. Ba ta tace komai ba ke nan, tana maimaita awo ne da ɗan jinkiri. A raba `Q` gida goma kuma, kason ya zama 0.094. Layin zai fito sumul, 1913 ba za ta girgiza shi ba, amma sai ya ɗauki shekara bakwai kafin ya rufe rabin faɗuwar 1899.

Kamar mai riƙe da linzami ne: in ya saki, dokin zai bi kowane motsi a gefen hanya, in ya ja da ƙarfi, ba zai juya ba ko an iso kwana. Kaso ɗaya ba zai ba da duka biyun ba.

Shi ya sa ba a zaɓar `Q` don layin ya yi kyau a zane. Ana gudanar da matatar da `R` da `Q` daban-daban, a kowane gwaji a tara wannan a kan dukkan shekaru, a ɗauki waɗanda suka ba da jimilla mafi ƙanƙanta:

```
log(F[t]) + v[t]**2 / F[t]
```

Ɓangare na biyu yana hukunta matatar da ta yi alƙawarin ƙaramin giɓi ta samu babba. Na farko yana hukunta wadda ta faɗaɗa shakkarta don kada a kama ta. Daga nan 15099 da 1469 suka fito. A manhajar R jerin yana nan da sunan `Nile`, kuma layi ɗaya ke yin aikin:

```r
StructTS(Nile, type = "level")
```

Waiwaye

Matatar tana amfani da abin da ya gabata ne kawai, domin an gina ta ne don mai yanke shawara a yau. Wanda ke nazarin tarihi yana da shekarun gaba a hannunsa, kuma asara ce ya ƙi amfani da su. Bayan an kai 1970, ana iya komowa baya shekara-shekara, ana gyara kowane ƙiyasi da abin da aka gano game da shekarar da ta biyo shi. A nan nauyin gyaran 4032 ne a raba da 5501, wato 0.733.

Da waiwaye, ƙiyasin 1899 ya koma 951 maimakon 1037, na 1913 ya koma kusan 799 maimakon 749, shakkar kuma ta sauko daga 63 zuwa 48. Duka biyun sun matso kusa da gaskiya. Amma dubi 1898: matatar ta ce 1133, waiwaye ya ce 1000. An jawo shekarar da kogin ke cike ƙasa, domin tsarin bai yarda da tsalle ba, sai ya shimfiɗa faɗuwar ta zama gangara mai farawa shekaru kafin 1899. Wanda ya kalli wannan layi zai rantse cewa kogin ya fara raguwa tun tsakiyar shekarun 1890, alhali a 1894 da 1895 an auna 1250 da 1260. Gangarar daga tsarin ta fito, ba daga kogin ba.

Akwai kuma kuskuren da ake yawan yi da wannan layi: a ɗauki ƙiyasin waiwaye a gwada shi a matsayin hasashe, a yi murna cewa ya hango faɗuwar tun kafin ta zo. Bai hango ta ba, ya riga ya gan ta. Duk gwajin hasashe da giɓin matata ake yin sa.

Gyaran da ya dace, da abin da ya tona

Idan an san shekarar da abu ya sauya, hanya mafi sauƙi ita ce a gaya wa matatar ta yi shakkar kanta a wannan shekarar kaɗai, a ɗaga `P` ta 1899 sama ƙwarai. Kason zai kusa kai 1, ƙiyasin ya sauka kan 774, sai ta fara koyo daga farko kamar yadda ta yi a 1871, da kaso 0.52, 0.38, 0.32, 0.30. Ƙiyasin zai zama 809 a 1900, 834 a 1901, 788 a 1902, 833 a 1903. Tun shekara ta biyu tana cikin tazarar 65 daga 850. Ita kuwa 1913, ana iya ɗaukarta kamar shekarar da ba a yi awo ba, ko a ba ta `R` babba, don kada ta ja ƙiyasin.

Daga nan ne abin da na fi ɗauka da muhimmanci a wannan lamari yake fitowa. Idan aka ba faɗuwar 1899 gurbinta a cikin tsarin, aka sake ƙiyasta `Q`, sai ta faɗi kusan sifili. Ma'ana, lambar 1469 ba ta auna gusawar kogin a hankali ba. Sulhu ce da lissafin ya yi: akwai tsalle ɗaya babba da ba a ba shi hanyar bayyanawa ba, sai ya raba shi kan shekara 100. Sakamakon shi ne matatar da ta yi nawa a 1899, ta kuma yi rawar kai a sauran shekarun. Duk hawa da saukar da layinta ya yi tsakanin 1905 da 1970, daga ƙasa da 760 zuwa sama da 900, galibinsa bin hargitsi ne a kewayen matsayin da bai tashi daga kusan 850 ba.

Wannan ya shafi hasashe kai tsaye. Matata ta farko ta ƙare 1970 da ƙiyasin 798, saboda shekara ukun ƙarshe sun yi ƙasa: 718, 714, 740. Hasashenta na 1971 shi ne 798, da iyaka daga kusan 517 zuwa 1079, kuma iyakar tana ƙara faɗi da kowace shekara, faɗin 144 ya zama 184 a shekara ta goma. Tsarin da ya san da tsallen zai ce kusan 850, da iyakar da ba ta buɗewa sosai. Amma shi ma yana da farashinsa: ya ɗauka cewa abin da ya faru a 1899 ba zai sake faruwa ba, kuma idan ya sake, kasonsa ya yi ƙanƙanta da zai iya bi. A ganina, mai nazarin abin da ya wuce ya ɗauki tsarin mai tsalle, mai sa ido kan abin da ke gudana kuwa ya bar wa `Q` ɗan girma, ya kuma riƙa tara giɓin shekaru uku ko huɗu na ƙarshe yana dubawa.

Game da dalilin faɗuwar, lambobin ba su da bakin magana. An gina madatsar Aswan ta farko a waɗannan shekaru, aka kammala ta a 1902, shi ya sa ake yawan danganta abin da ita. Wasu masu nazari kuma, har da George Cobb da ya binciki jerin a 1978, sun kalli sauyin ruwan sama a wancan lokaci. Matatar na iya nuna lokaci da girma. Zaɓi tsakanin madatsa, damina ko sauyin hanyar awo aikin wasu bayanan ne dabam.

Iyaka biyu da ke jiran wanda zai kai wannan wani jeri

Ta farko ita ce gangara mai ɗorewa. Tsarin nan ya ɗauka cewa gusawar bana ba ta da alaƙa da ta bara. Idan abin da ake bi yana raguwa da 10 kowace shekara ba fashi, matata mai kaso 0.267 za ta zauna a bayansa har abada da tazarar 10 sau 0.733 a raba da 0.267, kusan 27. Alamarsa giɓi ne ƙanana amma masu karkata gefe ɗaya shekara da shekaru. Maganinsa ba ƙara `Q` ba ne. Ana ƙara hali na biyu, saurin gangarar, ya zama ana ƙiyasta lamba biyu tare. Matakan ba su sauya ba, hasashe ne da gyara, sai dai `P` ta zama jadawali mai layi biyu. Kada a saka shi sai giɓin ya nuna buƙata, domin gangarar da aka ƙiyasta daga hargitsi takan kai hasashen nesa inda bai kamata ba.

Ta biyu ita ce awon da ya ɓace. A nan tsarin yana da sauƙi fiye da kowace hanya: shekarar da babu awo, a yi hasashe a tsallake gyara. Ƙiyasin ya tsaya, shakkar ta ƙaru da `Q`. Da za a rasa awo na shekara goma a jerin Nilu, `P` za ta tashi daga 4032 zuwa kusan 18700, kuma awon farko da ya dawo zai samu kaso sama da rabi, kamar yadda ya cancanta. Abin da ke ɓata aikin shi ne a cike gurbin da matsakaici ko da lambar ƙarshe a miƙa wa matatar kamar awo ne. Za ta karɓe su a matsayin shaida, ta rage shakkarta a daidai shekarun da ba ta ga komai ba, kuma ƙiyasin `R` zai fito ƙasa da gaskiya domin giɓin waɗannan shekarun an ƙirƙire su ƙanana.